Samaniyar da ta farfashe a wayar ƙanena: yadda ake matse hotunan gem ba tare da an ɓata sajewar launi ba

Gem ɗin da muke haɗawa, mu huɗu a wani ɗan ofis a unguwar Yaba da ke Legas, na tuƙin motar haya ta danfo ne a kan gadar Third Mainland da almuru. Mai zanenmu ta ɓata kusan mako guda a kan sararin samaniya kawai: ruwan goro a can ƙasa inda rana ke faɗuwa cikin lagun, ya dinga sajewa a hankali zuwa shunayya, ya ƙare da shuɗi mai duhu a sama, da 'yan gizagizai tsilli-tsilli. A kwamfutarta abin sai wanda ya gani. Da na koma gida Agege ranar Juma'a na zuba wa ƙanena a wayarsa, ƙaramar waya ce mai memori gigabayit 2 da ya saya a Computer Village. Bai yi minti biyu yana bugawa ba ya miƙo mini. "Yaya, samanku kamar an shimfiɗa masa tayil," in ji shi. Na karɓa na duba, gaskiyarsa. Wurin da ruwan goro ke shiga shunayya ya farfashe gida-gida, kowane ɗan murabba'i da nasa launin, kamar ƙasan banɗakin da mai aiki ya haɗa da ragowar tayil.

Wannan matsalar nake so in yi wa fashin baƙi, domin na lura yawancinmu masu haɗa gem na waya hanya ɗaya muke bi: mu zaɓi tsarin matsewa guda, mu ɗora wa dukan hotuna, in ya yi muni mu ƙara masa girma. A ganina wannan kuskure ne. Hoton da launinsa ke sajewa a hankali wata halitta ce daban, kuma sau da yawa maganinsa shi ne a rage faɗinsa ƙwarai a bar shi ba matsi.

Bari mu fara da lissafin da ya tilasta mana matsewar tun farko. Hoton samaniyarmu faɗinsa fiksel 2048, tsayinsa 1024. A matsayin PNG bai da wani nauyi, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Amma GPU, wato ɓangaren wayar da ke zana hotuna, ba ya karanta PNG ko JPEG kai tsaye. Dole a warware hoton gaba ɗaya a baje shi a memori, kowane fiksel ya ci bayit 4: ja, kore, shuɗi, da alfa mai nuna yadda ake gani ta cikinsa. Fiksel 2048 sau 1024 sau bayit 4, megabayit 8 ke nan. A Unity, manhajar da muke gina gem ɗin da ita, in ka kunna `Generate Mipmaps`, wato ƙananan kwafin hoton da ake amfani da su idan abu ya yi nisa, sai ka ƙara kashi ɗaya bisa uku, ya haura megabayit 10. Hoto guda fa. Kuma a waya babu memorin da aka ware wa GPU shi kaɗai kamar a babbar kwamfuta, tukunya ɗaya suke ci da Android da WhatsApp da duk abin da ke buɗe. Idan tukunyar ta yi ƙasa, Android zai kashe wani abu, kuma gem ɗinka na cikin na farko da zarar mai wayar ya fita amsa kira.

Tsarukan matsewa na GPU an yi su ne don hoton ya zauna a memori a matse, a dinga warware ɗan abin da ake buƙata a lokacin da ake zanawa. Don hakan ya yiwu, ana yanka hoton bulo-bulo, kowane bulo a ba shi adadin bit iri ɗaya, ko mai sauƙi ne ko mai sarƙaƙiya. Da haka GPU zai iya yin tsalle kai tsaye zuwa bulon da yake so ba sai ya karanta na gabansa ba. Nan ne ribar take, nan ne kuma ciwon yake, saboda a yawancin tsarukan kowane bulo shi kaɗai yake yanke shawarar launinsa, bai san me maƙwabcinsa ya zaɓa ba.

A kan bangon bulo ko kwalta ko tsatsar jikin danfo, wannan ba komai ba ne. Hoton dama cike yake da ɗigo-ɗigo, kuskuren matsewa sai ya ɓace a ciki. A kan samaniya kuwa babu inda kuskure zai ɓuya. Idan bulo ɗaya ya ɗara maƙwabcinsa haske da mataki biyu kacal cikin 255, ido zai kama layin da ya raba su, saboda layi ne miƙaƙƙe a wurin da bai kamata a ga layi ba. Idan irin wannan ya jeru, tayil ɗin ƙanena ya fito.

Abin da ya faru da mu na farko laifin tsohon tsari ne, ETC1. Mun bar shi a kan hoton samaniya tun lokacin da muke gwaji, muka manta. Yana da kyau a fahimci yadda yake aiki, don shi ya fi fito da matsalar fili. ETC1 yana ɗaukar bulo mai fiksel 4 sau 4, ya ba shi bit 64, wato bit 4 ga kowane fiksel. Sai ya raba bulon gida biyu, a tsaye ko a kwance, kowane rabi ya samu launi guda na tushe. Wannan launin tushen ba a ajiye shi da cikakken bit 8 ba, bit 4 ne ko 5 ga kowane ɓangaren launi, don haka matakansa manya ne. Daga nan kowane fiksel yana da zaɓi huɗu kawai: ya ƙara haske kaɗan, ya ƙara da yawa, ya rage kaɗan, ko ya rage da yawa. Kuma abin da aka ƙara ɗin iri ɗaya ne ga ja da kore da shuɗi. Ma'ana, a cikin rabin bulo fiksel zai iya yin haske ko duhu, amma ba zai iya canja launi ba.

To duba samaniyar almuru. Daga ruwan goro zuwa shunayya, ja yana raguwa ne yayin da shuɗi ke ƙaruwa, suna tafiya hannun riga. Wannan shi ne ainihin abin da ETC1 ba zai iya faɗa ba. Sai dai ya jira iyakar bulo ya yi tsalle zuwa sabon launi. Shi ya sa tayil ɗin ya fi muni daidai inda mai zanenmu ta fi zuba ƙwarewarta.

ETC2 ya zo da gyara, kuma tun OpenGL ES 3.0, ƙa'idar zanen hoto a waya da ta fito a shekarar 2012, ya zama wajibi ga duk GPU da ke iƙirarin bin wannan ƙa'idar. Girmansa bai canja ba ga hoto marar alfa, bit 4 ne ga fiksel, amma an ƙara masa sabbin hanyoyin bayyana bulo. Ɗaya daga cikinsu an yi ta ne musamman don sajewar launi: a ajiye launuka uku, ɗaya a kusurwa, ɗaya ta gefe, ɗaya ta ƙasa, sauran fiksel ɗin a lissafo su a tsakani kamar gangare mai santsi. Da muka sauya hoton zuwa ETC2, yawancin tayil ɗin ya ɓace, nauyinsa kuma megabayit 1. Amma bai ɓace duka ba. Kewayen gizagizai ya saura, saboda bulon da gefen gajimare ya ratsa ba zai iya amfani da hanyar gangaren ba, sai ya koma wata hanyar daban. Sai ka ga kowane gajimare da 'yar katanga ta murabba'ai kewaye da shi. Sannan akwai abu biyu da ya kamata a riƙe game da ETC2. Idan hoton yana da cikakken alfa, nauyin ninkawa yake zuwa bit 8 ga fiksel, don haka a tabbata ba a bar alfa a hoton da bai buƙatarsa ba. Kuma a Unity, hoton da faɗinsa ko tsayinsa bai rabuwa da 4 ba zai matsu da ETC2 ba, zai zauna da cikakken nauyinsa.

Sai ASTC, wanda kamfanin ARM ya jagoranci ƙirƙirarsa, ƙungiyar Khronos mai kula da ƙa'idar OpenGL ES ta karɓe shi a 2012. Shi ne zaɓi na farko a yau ga duk wayar da ke iya karanta shi: wayoyin Apple tun daga iPhone 6, da duk wayar Android mai OpenGL ES 3.2, da wasu da dama na ƙasa da haka. Dabararsa mai sauƙin faɗa ce. Kowane bulo bit 128 ne, ba ya canjawa. Abin da kake zaɓa shi ne fiksel nawa za su raba wannan bit 128 ɗin. In ka zaɓi 4x4, fiksel 16 ne, kowanne ya samu bit 8. In 6x6 ne, fiksel 36, kowanne kusan bit 3.56. In 8x8 ne, fiksel 64, bit 2 ga kowanne. Har zuwa 12x12, inda ko bit ɗaya bai kai ba. Kwanon tuwo ɗaya ne, yawan hannayen da ke shiga ne ya bambanta.

Ga hoton samaniyarmu lissafin ya ba da megabayit 2 a 4x4, kusan kilobayit 914 a 6x6, da kilobayit 512 a 8x8. Da kanka za ka iya lissafawa: raba faɗi da girman bulo ka cike zuwa sama, haka tsayi, ka ninka su, ka ninka da bayit 16.

A cikin bulon ASTC ana ajiye launuka biyu na iyaka, sai a ba kowane wuri ma'auni mai cewa kusa da wanne yake tsakanin biyun. Wannan ya dace da sajewar launi sosai, don iyakokin biyu za su iya zama ruwan goro da shunayya. In gaskiya za a faɗa, samaniya tsantsa marar komai a ciki ASTC yana riƙe ta da kyau ko a 8x8. Matsalar tana tasowa ne idan aka haɗa masa aiki biyu a bulo guda. A bulo mafi sauƙi, bit 17 sun riga sun tafi wajen bayanin tsarin bulon kansa, saura 111. Idan aka ajiye launukan iyaka biyu da cikakken bit 8 a ja da kore da shuɗi, bit 48 sun tafi, saura 63 ga fiksel 64. Ba su isa ba. Dole manhajar matsewar ta zaɓi inda za ta yi asara: ko ta rage yawan ma'aunan ta bar na tsakani a lissafo su, wanda ke dushe gefen gajimare, ko ta riƙe ma'aunai da yawa ta rage daidaiton launukan iyaka. Idan ta zaɓi na biyun saboda gefen gajimare ko igiyar fal ɗin wuta da ta ratsa bulon, shuɗin da ke bayan gajimaren zai ɗan kauce wa shuɗin bulon da ke gefe. Haka ma idan mai zane ta barbaɗa ɗan ƙura a hoton don ya yi kama da fim, kowane bulo zai ƙarar da bit ɗinsa wajen bin ƙurar.

Kafin a taɓa kowane saiti, a fara tabbatar da wace cuta ce, don guda biyu ne masu kama da juna, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar komai. Ta farko ita ce wadda muke magana, murabba'ai masu bin layin bulo. Ta biyu zara-zara ce, launin ya fito hawa-hawa kamar matakala, faffaɗan layuka masu bin yanayin sajewar. Wannan ta biyun tana iya fitowa ko babu matsewa sam. Misali, bangon shafin farko na gem ɗinmu shuɗi ne mai duhu, yana tashi daga 20 zuwa 44 a tsayin allo mai fiksel 720. Matakai 24 kawai ke tsakanin 20 da 44, don haka kowane mataki zai shimfiɗu a kan fiksel 30. Wannan iyakar bit 8 ce, ko ASTC 4x4 ka ba shi ba zai gyaru ba. Na ga mutane sun ninka nauyin gem ɗinsu suna bin wannan da tsarin matsewa, alhali ba can ciwon yake ba.

Hanyar rarrabewa ita ce a ɗauko hoton allo daga wayar kanta, a buɗe a manhajar gyaran hoto, a ja bambancin haske da duhu sosai har abin da ke ɓoye ya fito. Idan ka ga raga ta murabba'ai masu girma ɗaya, matsewa ce. Idan faffaɗan layuka ne masu santsin gefe, ƙarancin matakai ne. Amma a kula da yadda aka ɗauko hoton. Ƙanena da farko ta WhatsApp ya turo mini, kuma WhatsApp yana sake matse hoto zuwa JPEG, wanda shi ma bulo-bulo na 8 sau 8 yake aiki, sai ya ƙara nasa tayil a kan namu. A jona wayar da kebul a ɗauko shi tsaf:

```
adb exec-out screencap -p > allo.png
```

Don gwada girman bulo ba tare da an sake gina gem ɗin kowane lokaci ba, akwai astcenc, manhajar ARM ta kyauta. Wannan umarnin yana matse hoton asali na mai zane ya sake warware shi, ya ba ka sakamakon ka kalla:

```
astcenc -ts sama.png gwaji_8x8.png 8x8 -thorough
astcenc -ts sama.png gwaji_6x6.png 6x6 -thorough
```

`-ts` na hoton launi ne na sRGB, `-tl` kuma na hoton da lambobi ne kawai a ciki kamar taswirar ƙyalli. `-thorough` yana sa manhajar ta daɗe tana neman mafi kyawun zaɓi ga kowane bulo. Nauyin bai canjawa, lokacin kwamfutarka kawai yake ci, saboda haka ban ga dalilin fitar da gem da matsewar gaggawa ba. Za ta kuma nuna maka lambar PSNR. Kada ka dogara da ita a kan samaniya. Lambar matsakaicin kuskure take aunawa, kuskuren mataki ɗaya ko biyu kuwa ƙarami ne a wurinta, amma idan ya jeru a layi miƙaƙƙe ido yana ganinsa. Kuma a kalli sakamakon a waya, a ɗaki mai duhu, da hasken allo a sama. Da rana a bakin titi komai kyau yake yi. Da dare, an ɗauke wuta, mutum na kwance wayar na kusa da fuskarsa, lokacin ne aibin launuka masu duhu ke bayyana, kuma lokacin ne mutane da yawa ke buga gem.

A gwajinmu 8x8 ya bar inuwar murabba'ai kewaye da gizagizai, 6x6 ya rage su ƙwarai, 4x4 ya fita tsaf. Da mun tsaya nan da mun ce 4x4, megabayit 2, shi ke nan. Amma samaniya shida muke da su na lokuta daban-daban, daga asuba zuwa dare, ga kuma lokacin hazo. Mai zanenmu ce ta kawo tambayar da ta warware abin. "Malam, wai me ya sa sai launin da gizagizan sun zauna a hoto ɗaya?" ta ce. "Ai ni ma a faifai daban-daban na zana su."

Haka muka yi. Launin samaniya daga sama zuwa ƙasa kawai yake canjawa, daga hagu zuwa dama iri ɗaya ne. To me ya sa za a ajiye layi ɗaya sau 2048? Muka yanko siririn zare mai faɗin fiksel 4 da tsayin 256, muka bar shi ba matsi ko kaɗan. Fiksel 4 sau 256 sau bayit 4, kilobayit 4 ke nan. GPU da kansa yake miƙe shi ya cika allo, yana lissafo launukan tsakani sumul, kuma tunda babu bulo, babu iyakar da za ta fito. Saitin da ake buƙata a Unity kaɗan ne: `Compression` a sa `None`, `Filter Mode` a sa `Bilinear`, a kashe `Generate Mipmaps`, sannan `Wrap Mode` a sa `Clamp`. Wannan na ƙarshen kada a manta shi. In an bar shi a `Repeat`, ruwan goron ƙasa zai leƙo ta gefen sama a matsayin siririn layi mai haske.

Gizagizan kuma muka mayar da su hoton fari da baƙi mai ɓangare ɗaya, wanda kawai yake cewa nan akwai gajimare, kaurinsa kaza. Launinsu a lokacin zanawa ake shafa musu. Tunda gajimare abu ne mai laushin gefe, muka rage shi zuwa 1024 sau 512, ba wanda ya lura. ASTC yana jin daɗin irin wannan hoton, domin iyakokin bulo sun koma lamba biyu kacal maimakon shida, ragowar bit ɗin duk sun tafi ga ma'aunai. A 6x6 ya ci kusan kilobayit 230. Ga wayar da ba ta da ASTC, dangin ETC2 suna da tsari mai ɓangare ɗaya, EAC R11, mai bit 4 ga fiksel, kilobayit 256. Jimilla samaniyar ta sauko daga megabayit 8 zuwa ƙasa da kilobayit 240, kuma ta fi ta 4x4 santsi. Ribar da ba mu yi tsammani ba ita ce samaniyoyin nan shida sun koma zare shida masu kilobayit 4 kowanne, suna raba hoton gizagizai guda.

Wannan dabarar tana da iyaka. Tana aiki ne idan sajewar mai sauƙin siffa ce: a tsaye, a kwance, ko zagaye kamar hasken fitilar mota. Idan zanen hannu ne mai launuka da ke cuɗanya ta ko'ina, ba za ka iya mayar da shi zare ba. Amma ko a nan ƙa'idar tana nan: hoto mai 1024 sau 1024 a ASTC 4x4 da hoto mai 2048 sau 2048 a 8x8 nauyinsu ɗaya, megabayit 1. Ga abu mai laushi kamar hayaƙi, hazo, ko hasken fitila, na farkon nake zaɓa kusan kullum, don babu ƙananan siffofin da za a rasa. Ga abu mai kaifin gefe kamar rubutun jikin danfo ko allon talla, na biyun kan fi, don shi yawan fiksel yake buƙata. A kan wannan ma'aunin muka raba sauran hotunan: kwalta da bangaye da ruwan lagun a 8x8, jikin motoci da mutane a 6x6, maɓallai da rubutun da ɗan wasa ke kallo kullum a 4x4 ko 5x5.

Saura zara-zarar shafin farko, wadda matsewa ba ta da hannu a ciki. Maganinta yayyafi ne: a ƙara wa kowane fiksel ɗan kuskure da bai wuce rabin mataki ba, sama ko ƙasa, ta yadda iyakar da ke tsakanin 31 da 32 za ta watse ta zama ɗigo-ɗigon da ido ba ya kamawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda ake yin sa. Idan mai zane ta yi yayyafin a cikin hoton kafin a matse, ko dai matsewar ta share shi, ko ta ƙarar da bit wajen riƙe shi ta ƙara muni. A ƙarshe ake yin sa, cikin sheda, wato ɗan shirin da ke fenta kowane fiksel a allo, bayan an gama lissafin launi:

```
highp float n = fract(52.9829189 * fract(dot(gl_FragCoord.xy, vec2(0.06711056, 0.00583715))));
launi.rgb += (n - 0.5) / 255.0;
```

Kalmar `highp` ba ado ba ce. GPU na waya da yawa suna lissafin `mediump` da lamba mai bit 16, wadda ba ta da daidaiton da wannan lissafin ke buƙata, sai yayyafin ya koma wani zane mai maimaituwa. Haka nan lambar da ke nuna wurin da za a karanta a cikin zaren launin, a ba ta `highp`. Kwamfuta galibi ba ta nuna wannan bambancin, shi ya sa sai a waya ake kama shi. Sannan a duba ko wani saiti bai mayar da hoto zuwa RGB565 ko RGBA4444 ba da sunan tsimi. Na biyun matakai 16 kacal yake ba kowane ɓangaren launi, a bit 16 ga fiksel, wato ya fi ASTC 4x4 nauyi sau biyu kuma ya fi shi muni nesa ba kusa ba a kan sajewar launi.

Akwai tarko guda da ya fi duk waɗannan haɗari ga mai yi wa kasuwarmu gem. A nan waya ba ta mutuwa da wuri, tana sauka ne daga hannun yaya zuwa ƙane zuwa ɗan ƙane, ana canja mata allo da batiri a Ikeja tana ci gaba. Idan ka tura hotunan ASTC zuwa wayar da GPU ɗinta bai san ASTC ba, Unity ba zai tsaya ba. Zai warware hoton a lokacin lodawa zuwa cikakken bayit 4 ga fiksel, ya rubuta gargaɗi a rajistar da ɗan wasa ba zai taɓa gani ba. Hoton da ka lissafa a kilobayit 512 ya koma megabayit 8, da aibin matsewar a jikinsa, a kan wayar da ta fi kowacce ƙarancin memori. Alamarsa ita ce lodawa ta yi tsawo, gem ɗin ya dinga rufe kansa a tsofaffin wayoyi kawai. Layi ɗaya yana gaya maka gaskiya, ka nuna sakamakonsa a allon gwaji:

```
SystemInfo.SupportsTextureFormat(TextureFormat.ASTC_6x6)
```

Ba sai ka zaɓi tsari ɗaya ga kowa ba. Idan da Android App Bundle kake tura gem zuwa Google Play, za ka iya haɗa kaya kashi biyu a folda biyu da sunansu ke ƙarewa da `#tcf_astc` da `#tcf_etc2`, Play ya ba kowace waya wanda take iya karantawa, mai wayar kuma bai sayi data ya sauke duka biyun ba. Amma mu nan da yawa ba ta Play suke samun gem ba, tura wa juna ake yi waya zuwa waya a majalisa ko a shagon caji. Wanda za a yi ta yawo da shi haka, mun gina shi da ETC2 zalla, tunda duk wayar da ke da OpenGL ES 3.0 tana karanta shi. Raba samaniyar da muka yi ya sauƙaƙa wannan shawarar, domin zaren launin ba shi da matsi a kowanne gini, wurin da ETC2 ya fi rauni ke nan kuma mun cire shi daga hannunsa.

Juma'ar da ta biyo na sake zuba wa ƙanena sabon ginin. Bayan sallar isha'i muka zauna a ƙofar gida, ya ɗaga hasken allon har ƙarshe, ya tsayar da danfon a tsakiyar gada yana juya kyamara sama. Ya daɗe yana neman tayil ɗinsa bai samu ba. Sai ya juya ta ƙasa ya nuna mini da ɗan yatsa. "Yaya, saman ya yi. Amma duba hasken fitilar motar a kan kwalta." Na duba, murabba'ai ne kewaye da da'irar hasken. Hoto ne mai alfa da muka bari a 8x8 tare da kwaltar. Ranar Litinin muka mayar da shi 128 sau 128 mai ɓangare ɗaya ba matsi, kilobayit 16.